Wane Masauki Ya Dace Da Shafinka: Na Haɗaka, VPS, Ko Saba Mai Mai Kula?

Yawancin masu neman wurin ajiye shafinsu na intanet suna fara lissafi ne daga yawan mutanen da ke shiga shafin a wata. Wannan adadi yana da daɗin faɗa, amma ba shi ke kayar da shafi ba. Abin da ke kayar da shafi shi ne minti goma mafi cunkoso, lokacin da jama'a suka rufto a tare, kuma kowa yana neman abin da dole sai saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta zauna ta haɗa masa nasa daban. Shafi mai baƙi dubu talatin a wata yana iya zama lafiya lau a masauki mafi arha, wani kuma mai baƙi dubu biyu ya durƙushe a rana ɗaya. Don haka za mu bi zaɓin nan daga ma'aunin cunkoso, mu zo kan wanda zai riƙe sabar, sannan kuɗi.

A shafukan masu sayarwa za ka tarar da sunaye uku. `Shared Hosting` shi ne masaukin haɗaka: saba ɗaya da shafuka ɗaruruwa a kanta, kamfani ke kula da komai, kai dai an ba ka allon sarrafawa, galibi cPanel. `VPS` yanki ne da aka yanka maka daga babbar saba, da rabonka na RAM da CPU, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi da ƙwaƙwalwar da ke yin aikin, da mabuɗin shiga ko'ina. `Managed Cloud` kuwa, wato saba mai mai kula, kusan irin VPS ɗin ne a ƙarƙashi, sai dai akwai kamfanin da ke tsaye a kai yana girkawa, yana sabuntawa, yana ajiye kwafi. Na farko motar haya ce da ka biya kujera ɗaya. Na biyu an miƙa maka mota da makulli, kai ne direba kai ne bakanike. Na uku shata ce ka ɗauka har da direbanta.

Mataki na ɗaya: raba shafukanka gida biyu

Kafin ka ƙirga kowa, ka duba irin abin da baƙo ke buɗewa. Akwai shafukan da duk wanda ya buɗe abu ɗaya zai gani: labari, hoton atamfa da farashinta, bayanin makaranta. Irin waɗannan saba tana iya haɗa su sau ɗaya ta ajiye kwafin, duk wanda ya zo a miƙa masa shi a shirye. Wannan aiki kusan ba ya cin komai. A WordPress manhajoji irin su LiteSpeed Cache ko WP Super Cache ke yin sa.

Akwai kuma shafukan da suka keɓanta da mutum: kwandon sayayya, wurin biyan kuɗi, sakamakon jarabawar ɗalibi, duk wani abu da sai an shiga da suna da kalmar sirri. Waɗannan ba a ajiye kwafinsu, don kwandon wani ba na wani ba ne. Duk buɗewa ɗaya sai PHP, manhajar da ke haɗa shafukan WordPress, ta tashi, ta tambayi rumbun bayanai, ta haɗa shafin daga farko. Nan ne nauyin yake, kuma su kaɗai za ka ƙirga da gaske.

In kana da shafi a yanzu, ka tabbatar ajiyar kwafin tana aiki kafin ka zargi masaukinka. A sabar LiteSpeed ga yadda ake dubawa:

```
curl -sI https://example.com/ | grep -i cache
```

Ka sa adireshinka a wurin, ka yi sau biyu. In a karo na biyu ka ga `x-litespeed-cache: hit`, kwafi aka ba ka. In kullum `miss` kake gani, ko ba ka ga komai ba, to shafinka yana wahalar da kansa a banza, kuma gyaran wannan kyauta ne. Shafuka da yawa da ake cewa sun fi ƙarfin masaukin haɗaka, wannan ce kaɗai matsalarsu.

Mataki na biyu: auna minti goma mafi zafi

A ce ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari yana sayar da shadda da leshi da atamfa ta WooCommerce, manhajar da ke mayar da WordPress kanti. Yana samun baƙi dubu talatin a wata. Lokacin da ya fi cika shi ne cikin azumi, sa'ad da ake rububin kayan Sallah, musamman in ya saki sabbin kaya a WhatsApp da Instagram bayan an sha ruwa. A ce mutum 300 suka shigo a minti goma na farko, kowa ya buɗe shafi biyar. Shafi 1,500 ke nan a daƙiƙa 600, wato shafi biyu da rabi a kowace daƙiƙa.

Yanzu sai mu ga nawa kowane shafi ke ci. Mu ɗauka shafin WooCommerce da ba a ajiye kwafinsa ba yana cin rabin daƙiƙa na aikin CPU. Naka zai iya fin haka ko ya gaza, gwargwadon yawan ƙananan manhajojin da ka lafta masa. Masaukin haɗaka mai arha yawanci ƙwayar CPU ɗaya yake ba ka, wadda a wannan lissafi shafi biyu take iya haɗawa a daƙiƙa. Biyu da rabi na shigowa, biyu na fita. Ragowar sai su yi layi, layin ya yi ta tsawo, har ya cike iyakar ayyukan da aka yarda ka gudanar a lokaci ɗaya. A cPanel wannan iyaka sunanta `Entry Processes`, kuma sau da yawa ashirin ce ko kusa da haka. Da ta cika, baƙo na gaba abin da zai gani shi ne `508 Resource Limit Is Reached`.

Amma in an kunna ajiyar kwafi, labari ya canza. Yawancin mutanen nan kallon kaya kawai suke yi. In kashi ɗaya cikin biyar na shafukan ne suka shafi kwando da biyan kuɗi, to rabin shafi ne a daƙiƙa ke buƙatar aiki, wato kwatan ƙarfin ƙwayar CPU ɗin. Masaukin haɗaka mai kyau zai ɗauki wannan ba tare da gumi ba. Abu ɗaya da za a lura da shi: a tsari da yawa, da zarar mutum ya jefa abu a kwando, sauran shafukan da zai buɗe ma sun daina zuwa daga kwafi. Saboda haka in masu sayenka suna da yawa a cikin masu kallo, wanda shi ne abin da kake fata, ka ɗaga kason zuwa ɗaya cikin uku ka sake lissafi.

Ga kuma wata makarantar sakandare mai ɗalibai 1,200. Duk wata da ƙyar mutum dubu biyu ke leƙa shafinta. Ranar da aka saki sakamakon zango, aka tura sanarwa a zauren iyaye, mutum 400 suka shiga a minti goma, kowa ya buɗe shafi shida daga shiga zuwa sauke takarda. Shafi 2,400 a daƙiƙa 600, huɗu a daƙiƙa, kuma babu ko ɗaya da za a iya bayarwa daga kwafi. Da ma'aunin rabin daƙiƙa, ƙwayar CPU biyu cur ake bukata, ba tare da an bar wani sarari ba. Makarantar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na baƙin ɗan kasuwar ba, ita ce ta fi ƙarfin masaukin haɗaka. Ko da yake kafin ta kashe kuɗi, tana da dabarar da ba ta cin ko kwabo: ta riƙa sakin sakamakon aji-aji, da tazarar awa guda.

Adadin naka za ka same shi a wuri biyu. Google Analytics zai nuna maka masu shiga a rabin awar da ta wuce, sai ka buɗe shi daidai lokacin da ka saki talla. A cPanel kuma ka shiga `Resource Usage`. A can akwai layin `Faults`, wanda ke ƙirga sau nawa ka bugi iyaka. In sifili ne ko jifa-jifa, zauna inda kake. In kullum kana bugun iyakar CPU ko ta RAM a lokacin ciniki, alhali ajiyar kwafi na aiki kuma ka rage manhajojin da ba su da amfani, lokacin tashi ya yi. Wanda bai buɗe shafi ba tukuna, ba shi da abin aunawa, ya fara da haɗaka, ya biya na 'yan watanni, ya tara adadin.

Kada kalmar `Unlimited` ta ruɗe ka. Ko an ce wurin ajiya da zirga-zirga ba iyaka, CPU da RAM da yawan fayiloli duk suna da iyaka, kuma su ne ke tsayar da kai. Ka tambayi mai sayarwa waɗannan adadi kai tsaye kafin ka biya. Wanda ya kasa faɗa maka, ka nemi wani.

Mataki na uku: wa zai tashi da tsakar dare?

A ganina nan ne aka fi yin asara. Mutum ya ji an ce VPS ya fi ƙarfi, ya ga farashinsa bai taka kara ya karya ba, sai ya saya. Abin da za a miƙa masa saba ce tsirara: Ubuntu kawai, da adireshi, da izinin `root`, wato cikakken iko a kan sabar. Babu WordPress, babu rumbun bayanai, babu katangar tsaro, babu mai ajiye kwafi. Kamfanin alhakinsa shi ne injin ya kasance a kunne da intanet a jone. Abin da ke ciki naka ne, kuma in ya lalace, ba za su taɓa maka shi ba.

Ka gwada kanka da gaskiya, ko ka gwada wanda ya ce zai riƙe maka. Ya iya shiga ta SSH, hanyar sarrafa saba daga nesa, da mabuɗi, ya rufe shiga da kalmar sirri? Wannan ba ado ba ne, domin sabuwar saba ba ta daɗewa a kan intanet kafin na'urorin masu kutse su fara gwada kalmomin sirri a kanta. Ya san inda Nginx ko Apache ke rubuta kurakuransu? Ya taɓa dawo da shafi daga kwafin ajiya a kan wata saba daban, daga farko har ya tashi? Kuma in ya ga abin da waɗannan suka fitar, zai gane me suke cewa?

```
free -h
df -h
sudo journalctl -k | grep -i "out of memory"
```

Na farko RAM yake nunawa, na biyu cikar faifai, na uku kuma yana bincika ko tsarin ya kashe wani aiki don RAM ta ƙare tun daga kunna sabar na ƙarshe. Wannan na ukun shi ne ciwon ƙananan VPS. Ɗauki saba mai RAM 2GB. Tsarin kansa da sabar shafi su ci kamar 400MB, MySQL, wato rumbun bayanai, ta ci 600MB, saura kusan 1,000MB. In kowane ma'aikacin PHP yana cin 60MB, goma sha shida kawai za su shiga. Wannan adadi ake rubutawa a `pm.max_children`. Wanda bai sani ba ya sa hamsin don yana son sauri, ranar cunkoso RAM ta cika, Linux ya zaɓi aiki mafi ƙiba ya kashe, wanda galibi MySQL ce. Baƙi su tarar da `Error establishing a database connection`, kuma shafin yana iya zama a haka har sai wani ya farka. A masaukin haɗaka cunkoso na wucewa shafi ke dawowa da kansa. A VPS da ba a tsara da kyau ba, ba lallai ba ne.

Sai kuma ayyukan da ba sa ƙarewa: sabunta tsaro, lura da takardar tsaron shafi ta Let's Encrypt wadda ba ta daɗewa sai an sabunta ta, da share tsofaffin fayilolin rahoto kafin su cika faifai. Ubuntu na dogon zango ma shekara biyar ake tallafa masa a tsarin da aka saba, daga nan sai ƙaura.

In amsoshin duk e ne, kuma mutumin zai kasance yana nan bayan wata shida, VPS ne ya fi ba ka ƙarfi a kan kuɗi kaɗan. In amsar ita ce "akwai wani yaro da ya iya", amma ba a yi yarjejeniyar biyansa duk wata ba, ka ɗauka babu kowa. Yaron zai tafi bautar ƙasa ko ya samu aiki, ya bar ka da sabar da ba ka san ko ƙofarta ba. Wanda cunkosonsa ya wuce haɗaka kuma ba shi da mai riƙewa, saba mai mai kula ita ce tasa, ko da ta fi tsada.

Sai dai kalmar `Managed` kowane kamfani da abin da yake nufi da ita. Ka tambaya a rubuce: kuna ajiye kwafi kullum, na kwana nawa, kuma zan iya dawo da shi da kaina? In an yi wa shafina kutse, kuna sharewa ko sai na biya daban? In saba ta tsaya da dare, ku ke tashinta ko sai na kira? Yawancinsu sabar suke kula da ita, ba abin da ka ɗora a WordPress ba. Manhajar da ta lalata wurin biyan kuɗi matsalarka ce. Ka kuma sani cewa buɗe asusu a AWS ko Google Cloud ka kunna saba ba shi ne samun mai kula ba. Wannan VPS ne da ƙarin maɓallai, da lissafin kuɗi mai hawa gwargwadon amfani.

Mataki na huɗu: lissafa kuɗin shekara, ba na wata ba

Farashi yana sauyawa, amma tazarar da ke tsakani ba ta cika sauyawa ba. Masaukin haɗaka daloli kaɗan ne a wata, kuma kamfanonin gida suna sayar da shi da naira. Ƙaramin VPS mai RAM 1GB a DigitalOcean dala shida ne, mai 2GB dala goma sha biyu. Irin wannan sabar in ka karɓe ta ta hannun mai kula irin Cloudways, ka sa ran biyan ninki biyu ko kusa. Kamfanonin da suka keɓanta da WordPress, irin su Kinsta da WP Engine, suna farawa ne daga dala ashirin da wani abu zuwa talatin da wani abu, kuma tsare-tsarensu da yawa suna da iyakar baƙi a wata, in ka haura a caje ka ƙari. Ga shafin labarai mai baƙi da yawa da kuɗin shiga kaɗan, wannan tsari na iya zama mafi muni.

A kan farashin VPS ka ƙara abubuwan da haɗaka ke ba ka a dunƙule. Kwafin ajiya na mako-mako yakan ƙara kusan kashi 20 cikin 100. In kana son cPanel, lasisinsa kuɗi ne daban duk wata, wanda kan fi kuɗin ƙaramar sabar kanta. Imel ma daban ne: kamfanoni da yawa suna toshe hanyar aika imel daga sababbin saba, kuma ko ba su toshe ba, saƙonninka sukan faɗa akwatin shara, don haka rasit ɗin masu saye sai ka bi da shi ta wani kamfanin aika saƙo. Sannan ladan mai riƙewa. In ka haɗa duka, VPS na dala goma sha biyu sau da yawa ya fi saba mai mai kula ta dala ashirin da biyar tsada, sai fa in kai ne mai riƙewar.

A masaukin haɗaka tarkon shi ne farashin shiga. Abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe na zagayen farko ne, galibi in ka biya shekara biyu ko uku a gaba. Na sabuntawa yana iya ninka shi sau biyu ko uku. Ka nemi farashin sabuntawa, da shi za ka yi lissafi.

Ga mai samun kuɗinsa da naira, biyan dala haɗari ne na kansa. Waɗanda suka yi kasafi a farkon 2023 da dala a ƙasa da naira 500 a farashin hukuma sun wayi gari a 2024 tana sama da 1,500, saba ɗaya, kuɗi ninki uku. Ka kuma tabbatar katinka yana biya a ƙasar waje kuma iyakarsa ta wata ta isa, domin in biya ya ƙi shiga, ana dakatar da saba, daga baya a share ta da abin da ke ciki. Ɗan Maraɗi ko Damagaram da ke biya da yuro ya fi samun kwanciyar hankali a nan, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan farashi ɗaya.

Wurin da sabar take ma yana da tasiri. Ga baƙi daga Najeriya da Nijar, saba a Landan, Amsterdam ko Frankfurt ta fi ta yammacin Amurka kusa nesa ba kusa ba. In ka ɗora Cloudflare na kyauta a gaba, hotunanka za su riƙa zuwa daga wuri mafi kusa, har da Legas, kuma hakan yana rage wa kowane irin masauki nauyi.

Mataki na biyar: yanke hukunci, ka bar wa kanka ƙofar fita

Mu koma kan misalanmu. Ɗan kasuwar Kwari ya zauna a masaukin haɗaka mai LiteSpeed, ya kunna ajiyar kwafi, ya rage girman hotuna, ya sa ido kan `Faults` a watan azumi. Ranar da ya fara ganin ana bugun iyaka daidai lokacin biyan kuɗi, ya wuce kai tsaye zuwa saba mai mai kula, ya tsallake VPS, domin aikinsa ciniki ne kuma awa ɗaya a kashe a daren jajibiri ta fi kuɗin wata. Makarantar kuwa, in tana da ma'aikacin kwamfuta na dindindin da ya ci gwajin can, VPS mai ƙwaya biyu da RAM 4GB zai yi mata, ta ƙara masa girma a makon sakamako ta mayar bayan an gama, tunda kamfanoni da yawa da awa suke caji. Ta lura kawai ta ƙara CPU da RAM ban da faifai, don faifan da aka faɗaɗa ba ya komawa baya.

Duk wanda ka zaɓa, sunan shafinka ya kasance a asusunka da imel ɗinka, ba na wanda ya gina maka ba, kuma zai fi kyau a kamfani daban da na masauki. Kwafin ajiya kuma ka riƙe naka a wani wuri. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabar OVH a Strasbourg, kuma wasu abokan cinikin da kwafinsu ke wuri ɗaya da sabar sun rasa komai.

Ranar ƙaura, kada ka yi ta a lokacin ciniki. Kwana ɗaya kafin nan ka rage `TTL` na adireshin, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohon adireshi kafin a sake tambaya, zuwa daƙiƙa 300, don canjin ya bazu cikin mintuna. Ka kwafi shafin zuwa sabon wuri, ka gwada shi sosai kafin ka juya adireshi, musamman sayayya ɗaya ta gaske ta Paystack ko Flutterwave, ka ga odar ta shiga kuma rasit ya iso. Ka dakatar da karɓar oda na ɗan lokaci, ka kwafi rumbun bayanai karo na ƙarshe, sannan ka juya. Tsohon masaukin ka bar shi a biye na aƙalla mako biyu, ka kuma duba cewa imel ɗin kasuwancinka bai tafi da shi ba, don a masaukin haɗaka akwatunan imel galibi a kan sabar da kake bari suke zaune.